Layin Farko na Wasiƙar Naziran Bibi

Shekara talatin Munshi Sarwar yana rubuta wa mutane takardu a gindin bishiyar da ke ƙofar kotun birnin Multan, ya gaji da koke-koke gajiyar da shayi ba ya warkarwa. Ga shi yau wata tsohuwa, Naziran Bibi, ta tsare masa benci tun hantsi, ba su wuce layin farko ba.

Ɗanta direban babbar mota ne. Bara ya buge wani saurayi, saurayin ya mutu, yanzu ɗan nata yana tsare. In mahaifin saurayin, Malik Shafqat, ya yafe, za a iya sakinsa. Ita kuwa ko a hanya ba ta taɓa ganin mutumin ba.

"Inna, hanya biyu ce," in ji Sarwar yana murza ido. "Ko mu ce 'Zuwa ga Mai Girma Janab Malik Shafqat Sahib', ko mu sassauto mu ce 'Ɗan'uwana mai daraja'. Zaɓi ɗaya, cikina na kiran ciroma."

"Ta farkon lauya ya rubuta masa har sau uku. Aka ce daga ganin layin sama yake ninkewa ya mayar."

"To ta biyun."

"Da wane bakin zan ce masa ɗan'uwana? Ɗana ne fa ya raba shi da nasa."

Sarwar ya ajiye alƙalami. Haushi ya ji, don gaskiyarta ce. Mai Girma gaisuwar ofis ce, mai karatu zai ji ƙamshin kotu ya rufe zuciyarsa. Ɗan'uwa kuma sai wanda ya ba ka fuska, ita ko wa ya ba ta? Duk shekarun nan da waɗannan biyun yake ci, yau sun ƙi shi.

"Ke a ranki me kike kiransa?"

"Ba na kiransa. Da na tuno shi sai in tashi in kama wanki."

"To shi yaron da ya rasu fa? Kin dai san sunansa."

Ta ja mayafi ta rufe baki. Ta sani mana, kullum magatakardan kotu na karanta shi a gabanta. Sai dai a gidanta "marigayin" ake cewa, ko "wancan al'amarin".

"Tauqir," ta ce da ƙyar. "Rubuta: Assalamu alaikum, mahaifin Tauqir."

"Inna, babu wannan a tsari. Ba janab, ba sahib, ba wata kalmar girmamawa? Zai iya ɗauka raini ne."

"Na sani. Rubuta."

Ya rubuta, ya karanta mata, ya gyara zama. "Yauwa. Sai roƙon. Mu ce kina neman ya dubi Allah ya yafe wa ɗanki?"

Ta daɗe tana kallon layin, ita da ba ta iya karatu ba.

"Munshi, bayan wannan sunan ba zan iya roƙonsa komai ba. Rubuta masa ta'aziyya kawai. Shekara guda ke nan ban yi masa ba."