Zanen Mama Saloma a Kan Igiya

Baba Kefas ya ja biro a kan layi na huɗu, kamar yadda ya ja a kan ukun farko, ya miƙa wa Keziah takardarta ba tare da ya dube ta ba.

"'Zuciyarmu ta cika da baƙin ciki.' Ɗiyata, wannan waƙar ta wa ce? Cire sunan Saloma ki sa nawa, gobe a rera mini ita, ba wanda zai gane."

Suna zaune a shagonsa na ɗinki da ke Rikoto, da hantsi. Shekara talatin Baba Kefas ya yi yana jagorantar mawaƙan ikilisiya kafin murya ta gudu ta bar shi da keke da almakashi, kuma yadda yake yanka yadi haka yake yanka waƙar mutane, ba tausayi. Keziah, wadda unguwa ke kira Maman Success, ita ce mai tsara wa zumuntar mata waƙoƙi. Jiya maƙwabciyarta Mama Saloma ta rasu a asibiti, gobe jana'iza, kuma mata sun ce sabuwar waƙa suke so.

Tsohon ya tambaye ta ina waccan da ta kawo masa makonni uku da suka wuce, ta tsohuwa da tsintsiya. Ya ce ita ce waƙa mafi kyau da ta taɓa yi, kuma ko makaho ya san Saloma ce a ciki. Keziah ta ce ta ɓata. Ƙarya take yi, littafin da ta rubuta ta a ciki yana jakarta, tana jin nauyinsa a cinya.

Shi ne ya koya mata wannan hanya tun farkon damina. Ta kawo masa waƙa a kan tsufa don babban taron mata, cike da "kaico" da "abin tausayi", ya yi dariya har da tari. Ya ce tausayi ba a zuba wa mutum shi a kunne. Idan ka ce wa jama'a su ji tausayi, gyaɗa kai za su yi su ci gaba da fifita. Ka nuna musu abu guda da za su iya gani ko taɓawa, ka yi shiru, zuciyarsu ta ƙarasa aikin. Ya ce ta je ta nemi tsohuwa ta gaske, ta rubuta abin da hannunta ke yi, kada ta rubuta abin da take zaton tana ji.

Ba ta yi nisa wajen nema ba. Katanga ce kawai tsakaninta da Mama Saloma, gwauruwa mai zaman kanta, wadda ɗanta guda Joel soja ne a barikin Maiduguri. Keziah ta sa ido, kuma Allah ya yi mata ido. Ta lura sharar safe da tsohuwar kan kai har bakin titi ta fara tsayawa a gindin mangwaro, daga baya a bakin ƙofa. Ta ƙirga bugun taɓarya daga bayan katanga. Ta ga silifas sun daina karɓar ƙafar, dunduniya na taka ƙasa. Duk abin da ta gani sai ta ruga ɗaki ta rubuta, da murna irin ta wanda ya tsinci ƙwan zabo.

Sun yi aikin layukan tare da Baba Kefas. Ta rubuta "tsintsiyarta mai rauni", ya soke "mai rauni", ya ce nisan sharar ya riga ya faɗi haka. Ya sa ta buga tulu da tafin hannu tana ƙirga gaɓoɓi, duk layin da ya fi bugun tsawo a rage masa kalma, duk kalmar da karin waƙa ya murɗe mata sauti a nemo wata. Ya ce ta jera abubuwan daga nesa zuwa kusa, titi, ƙofa, tsakar gida, don mai sauraro ya shiga gidan da ƙafarsa bai sani ba. Amshi kuwa ya zama gajere, yadda mata arba'in za su kama shi tun a ji na farko.

A cikin waɗannan watanni Joel ya kira sau biyu. A shekarar 2006 wayar mijin Keziah ce kaɗai a layinsu, kuma kafin ya tafi Joel ya roƙe ta ta riƙa duba masa uwarsa. Duk sau biyun ta ce masa Mama lafiya lau, sai ɗan jikin tsufa. Ba mugunta ba ce. Haka baki ya saba amsa gaisuwa, ita ma tsohuwar in an leƙa ta "da sauƙi" take cewa. Amma Keziah ta san abin da ke cikin littafinta. Likita ya ce ruwa ne ya taru a jikin tun daga ƙafa har ƙirji, kuma irin wannan ana kawo shi da wuri ne. Ta ga ƙafar nan tana kumbura, abin da ya dame ta a lokacin shi ne ko "silifas" zai zauna a bugu uku.

Yanzu, a shagon, ta fito da littafin ta ajiye a kan keken ɗinkin. Ta gaya wa tsohon komai, har da wayar. Ta ce idan ta rera wannan a gaban Joel, zai san ta gani, zai san watan da ta gani, domin waƙar ta faɗi watanni. Waccan ta baƙin ciki kuwa ba ta tona kowa.

Baba Kefas ya daɗe yana juya biro. Ya ce shi ma ya karanta layukan nan sau uku, ya yaba, bai tambayi yadda mai tsintsiyar take ba. Ya ce ba zai zaɓa mata ba.

Ta karɓi biron ta ƙara baiti a ƙasa: "Na yi laifi, ku gafarta mini, nadama ta cika zuciyata." Ya karanta, ya girgiza kai a hankali.

"Idan kin rera wannan, mata za su rungume ki su ce ba komi, ki koma gida da sauƙi. Roƙo ne, ɗiyata. In gaskiya kike so ki faɗi, mi ya faru? Shi za ki sa."

Ta koma gida da rana tsaka. Da ta isa ta tsaya a ƙofarta, ta taka zuwa ƙofar Mama Saloma tana ƙirgawa. Taku goma sha ɗaya ne.

Joel ya iso da yamma a motar Kontagora, da ƙura har gira. Kafin ya zauna ya zo ya durƙusa mata. Ya ce, Anti, Allah ya saka, ya ji ita ta nemo mota aka kai Mama asibiti. Ta amsa da "ba komai", kunya kamar ta nutse.

Washegari ikilisiya ta cika har waje, har maƙwabta Musulmi sun zauna a benci ƙarƙashin bishiya. Da fasto ya ba zumuntar mata dama, takardu biyu ne a hannun Keziah, ta baƙin cikin da wadda ta kwafo daga littafin. Mai kaɗa musu tulu ta fara bugu. Ta dubi Joel a layin gaba, da kakinsa a goge, ta mayar da takarda guda cikin jaka.

"Shara ta kai titi a watan shuka,
Shara ta tsaya ƙofa a watan kaka."

Mata suka amsa: "Ina mai shara? Ganye ya taru."

"Taɓarya kan yi ɗari ba hutawa,
Yau uku take yi, sai jinginawa."

Masu fifita suka daina. Wata tsohuwa a baya ta sa bakin zane a fuska. Babu kalmar kuka ko guda a cikin waƙar, amma ga shi ana yi.

"Silifas a ƙofa sun ƙi ƙafa,
Dunduniya na biye tana share ƙasa.
Zane guda a igiya kwana shida,
Ya jiƙe, ya bushe, ba mai ɗauka."

A nan tsohuwar waƙar ta ƙare. Mai tulu ta sassauta hannu, Keziah ta yi mata alama ta ci gaba. Ta ci gaba da rerawa, ta kai kowace gaɓa wurinta.

"Katangarmu ba ta kai kafaɗa ba,
Ƙofa da ƙofa taku sha ɗaya.
Waya ta yi ƙara daga Maiduguri,
Na ɗauka na ce, Mama lafiya."

Rabin matan ne suka iya amshi. Joel bai motsa ba. Hular da ke kan gwiwarsa kawai ya juya, ya kife ta.

Bayan an dawo daga maƙabarta, ya same ta a bakin rijiyar unguwa tana ɗiban ruwan baƙi. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ta fi jin sauƙi. Ya ce waƙar ta yi kyau, ya ga uwarsa a ciki fiye da yadda ya gan ta a akwati. Sannan ya tambaye ta wane wata ne taɓaryar ta koma uku.

"Satumba," in ji ta.

"A Satumba aka ba ni hutun mako biyu. Na kira ki in ji ko in zo. Da kika ce lafiya, sai na tsaya na gyara rufin ɗakina."

Ta sunkuyar da kai ga gugan da ke hannunta. Ya tsaya kaɗan kamar mai jira, sannan ya juya ya shiga gidan uwarsa.

Da la'asar ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, ta kai gidan makoki kamar yadda kowace maƙwabciya ta yi, ta ce na Joel ne. Kafin rana ta faɗi kwanonin mutane suka fara komawa gidajensu a wanke. Nata ta same shi a bakin ƙofarta, an ɗora ɗan dutse a kan murfin don kada kaji su taɓa. Ta ɗaga. Malmala uku na nan yadda ta jera su, sun huce, da shatin mara a jikinsu.