Tabarmar Nasiba za ta ƙasar laima

Bayan rasuwar Nasiba, tabarma ɗaya ta rage daga saƙar hannunta. Uwarta Tabawa ta naɗe ta, ta jingine bayan gado. Tun Nasiba na da rai ta yi alkawarin wannan tabarmar ga ƙungiyar masaƙa ta Urno, don a haɗa da kayan da ake aikawa Italiya. Tabawa ba ta son saɓa maganar ɗiyarta. Amma ta ce tabarmar ba ta fita gidan sai ta tabbata ba za ta lalace hannun baƙi ba.

Ran nan da hantsi Rabi'atu, sakatariyar ƙungiyar, ta zo da metir da waya. Ta kira Hamidu, ɗan ƙanen Tabawa, wanda ya tashi Keita, yanzu yana aiki Torino, can Italiya. Shi ke mayar musu da bayanin kaya Italiyanci, mai shagon intanet ta sa shi ƙarƙashin hoto. Hamidu ya gaida gwaggonsa, ya sake yi mata ta'aziyya, sannan ya ce abu uku ake so: awo, da abin da aka yi ta da shi, da yadda ake kula da ita.

Tabawa ta fara awo da kamu. Rabi'atu ta yi dariya ta ce su can ba su san hannun Inna ba, ta ja metir. Tsawo santimetir ɗari da tamanin, faɗi tasa'in. Hamidu ya ce a sake auna faɗin ta ɗaya gefen, ya fito tasa'in da biyu. Sai ya ƙara kalmar da ke nufin "wajen", da layi cewa saƙar hannu ce, awo kan ɗan bambanta, don kada mai saye ya mayar da ita. Kaba kuwa, ya rubuta ganyen goriba. Ya tambayi ja da koren da ke jikin tabarmar, ko rinin itace ne. Tabawa ta ce na kasuwar Madawa ne, na ƙulli. Ya ce to haka zai rubuta.

Da aka zo kula, Tabawa ta gyara zama. Ta ce kada a ninke ta, naɗewa ake yi. Kada a ja kujera bisa. Kuma lokaci lokaci a yayyafa mata ruwa, don in kaba ta bushe ƙwarai karyewa take yi. Haka uwarta ta koya mata, haka ta koya wa Nasiba.

Hamidu ya dakatar da rubutu.

"Gwaggo, wannan na ƙarshe in na rubuta shi, mun kashe tabarmar."

"Kai Hamidu, yaushe ka fara saƙa?"

"Ban fara ba. Amma nan iska kanta jiƙaƙƙa ce. Ina shanya riga, ta kwana biyu ba ta bushe ba."

Ta ce ƙarya yake, tun yana ƙarami bakinsa ya fi shi girma. Sai ya ce Rabi'atu ta buɗe bidiyo. Ya juya wayarsa wajen taga. Tabawa ta kawo fuska kusa. Ba ta ga rana ba, ba ta ga ƙarshen hanya ba. Wani farin abu ya sauko ya zauna tsakanin gidaje, mutane na shiga cikinsa suna ɓacewa. Ya ce ruwa ne ke rataye, bai faɗi ba. Ya shafa gilashin da yatsa, ruwa ya gangaro, alhali daga cikin ɗaki yake. Ya nuna mata kusurwar bango inda funfuna ta yi baƙi, ya ce haka kaba za ta yi in aka ƙara mata ruwa.

Tabawa ta daɗe tana kallo. Ta tuna yadda Nasiba ke ɗauko ruwa daga rijiya mai nisa, ta rage ɗan kaɗan a ƙwarya don jiƙa kaba. Ashe akwai ƙasar da ruwa ke shigowa ɗaki ba wanda ya ɗauko shi. A hankali ta ce, "Ikon Allah."

Sai ta tambaya, to mi za a gaya musu. Suka gyara tare. A ajiye ta inda babu laima. A share da busasshen tsumma, kada a wanke. Ranar da gari ya yi sarari a fitar da ita ta sha iska a inuwa, don kada launi ya koɗe.

Ta ce ya karanta mata duka da harshensu. Ya fara, maganar na tafiya kamar ana waƙa, ba ta gane ko kalma ɗaya ba. Can tsakiya ta ji ya ce, "intrecciata a mano da Nasiba." Ta ɗaga hannu ta ce ya tsaya, wannan mi ke nan. Ya ce yana nufin Nasiba ce ta saƙa da hannunta, kuma duk wanda ya buɗe shafin zai gani.

Ta sa ya maimaita wurin. Hawaye na zuba, ba ta share ba. Ta durƙusa ta naɗe tabarmar da kanta, ta ɗaure da igiyar kaba, ta miƙa wa Rabi'atu.