Kalma Biyu a Ƙasan Wasiƙa

Ran sadakar uku saƙon ya shigo wayar Hajiya Wasila, ana cikin raba gumba a tsakar gidanta da ke Bungudu. Mijinta Malam Haliru Dogo, direban ofishinsu, kwana uku ke nan da binne shi. Ciwon zuciya ne, ya dawo daga masallacin Asuba ya zauna bakin gado, shi ke nan.

Da ta ga sunan mai saƙon sai da ranta ya ɗan yi sanyi. Abdulsamad Yari ne, shugaban ƙungiyar tallafa wa manoma inda take sakatariya a Gusau. Bai zo jana'iza ba, an ce yana Tsafe da baƙi daga Abuja suna zagaya gonakin gwaji. Ta yi masa uzuri. Yanzu ga shi ya rubuto, wataƙila zai ce yana hanya.

Imel ne da Turanci, layi huɗu. Layi biyu na ta'aziyya, cewa ofis ya yi babban rashi. Layi biyu kuma na roƙon a ba wanda za a turo makullin mota da ke wurin marigayi, don ana buƙatarta ranar Litinin. A ƙasa kuma:

Best wishes,
Abdulsamad Yari

Ta karanta sau uku. Maganar makulli ba ta yi mata zafi ba, mota ta ofis ce, aiki ba ya jiran mamaci. Kalmomin nan biyu na ƙasa ne suka tsaya mata a rai.

To, wanda bai san Wasila ba zai ce wannan ai neman magana ne. Sai dai a tsaya a ji. Shekara goma sha tara tana kan teburin nan na bakin ƙofa, kuma babu wasiƙar da ta fita daga ofishin ba ta bi ta ƙasanta da ido ba. Tun ana buga su a keken rubutu har aka koma imel. Ta kan ce wasiƙa kamar baƙo ce, ba a tuna yadda ya shigo, yadda ya yi sallama ake tunawa. Shi Abdulsamad ɗin nan da ake yi wa "ranka ya daɗe" yau, yana ɗan bautar ƙasa ya zo mata, siriri kamar karan dawa, yana rufe wasiƙar kwamishina da "Cheers" kamar yana magana da abokin ƙwallo. Ita ta zaunar da shi. Ita ta ce masa, in ba ka san sunan mutum ba ka buɗe da "Dear Sir", to "Yours faithfully" za ka rufe da shi, don wannan na baƙo ne, tsakaninku sai mutunci. In ka kira sunansa a sama, "Yours sincerely". Wanda kuke aiki kullum, "Kind regards" ya ishe ku, amma kada ka bar "Regards" tsirara ga wanda ka saba da shi, zai ɗauka fushi kake. Shi kuwa "Best wishes" fatan alheri ne, ana yi wa wanda aka sani, mai biki, mai sabon matsayi, ko mai barin aiki zai kama gabansa.

"Na gidan mutuwa fa, Inna?" ya tambaye ta a ranar. Inna yake ce mata.

"With deepest sympathy," ta ce. "Amma in mutumin naka ne, ka ajiye kwamfuta ka sa takalminka."

Ya rubuta duka a bayan wani tsohon fayil. Shekara guda yana cin tuwon gidansu duk Juma'a, Dogo ne ya koya masa tuƙi a filin makarantar Kekun Waje. Yau Dogon ya mutu, shi kuma yana yi wa matarsa fatan alheri kamar ta ci zaɓe.

Ƙanwarta Hafsatu ta ga fuskarta ta canza, ta matso.

"Yaya, mi ya faru?"

"Ba komai. Ɗauko makullin motar nan a aljihun rigarsa, za a zo karɓa."

Ba ta amsa saƙon ba. Ta kife wayar ta ci gaba da karɓar gaisuwa. Amma fushin ya zauna mata, fushi na gaske, wanda har kunyarsa take ji don ya kan ture baƙin cikin gefe. Tana jan carbi kalmomin na dawo mata. Abu ɗaya take so ta sani: har yanzu ita Inna ce a wurin yaron nan, ko kuwa ta zama ɗaya daga cikin adireshin da ke kwamfutarsa? A kan wannan za ta san ko za ta koma teburinta bayan takaba ko ba za ta koma ba.

Manoman Kekun Waje suka zo mota guda. Na Mada suka zo, har da wani tsoho da Dogo ya taɓa ragewa hanya sau ɗaya tak. Masinjan ofis ya zo sau biyu a kan babur ɗinsa. Shugaban ofishin kuwa bai zo ba.

Sai ran kwana ashirin da uku, da la'asar sakaliya, aka yi sallama. Ya je duba rumbun iri a Kekun Waje ne, ya biyo a kan hanyar komawa. Motar Dogo ce ta kawo shi, da sabon direba a ciki, injin ma ba a kashe ba. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗaki, tana daga ciki lulluɓe da mayafi.

Ya yi ta'aziyya yadda ake yi, ya ja addu'a, aka shafa. Ya kawo uzurinsa, baƙi, rahoto, taro a Abuja. Ta saurara har ya gama.

"Na ga saƙonka," ta ce.

"To, madalla, Hajiya. Na ji shiru, na ce ko bai shigo ba."

Hajiya. Ta lura, ta haɗiye.

"Ya shigo. Da me ka rufe shi?"

Ya zaro waya ya duba. Sai ya yi ɗan murmushi.

"Af, wannan ai sa hannun da ke fita da kansa ne. Na saita shi tun bara, duk saƙon da na tura da shi yake tafiya. Ba ni na rubuta ba."

"Wato ba ka ma karanta har ƙasa ba."

"Ina cikin mota lokacin, hanyar Tsafe."

"Ta'aziyyar Dogo ka rubuta, Abdulsamad. Ba ta buhun taki ba. Layi huɗu ne. Idonka bai iya sauka layi na biyar ba?"

Nan fa wurin yake. Da ya ce "Inna, na yi kuskure, ki yafe mini", wallahi da an wuce wurin, don matar a shirye take, yafiyar na bakinta tana jiran a tambaya. Amma girma ya riga ya shiga masa kai, kuma Hafsatu na tsaye tana ji. Ya gyara zaman hularsa.

"Hajiya, kalma biyu ce fa. Yanzu ba a bin waɗannan ƙa'idojin kamar da. Su kansu masu Turancin ba su damu ba. Ki yi haƙuri, na san kina cikin zafin rashi ne."

"Masu Turancin ba su ci tuwon gidan nan ba."

Ya duba agogo, ya ce yana so ya shiga Gusau kafin magariba, ya ƙara da cewa teburinta na nan yana jiranta duk ran da ta fita takaba. Ya tashi. Ta ji ƙarar motar har ta ɓace, ta san ƙarar nan kamar yadda ta san tarin mijinta.

Hafsatu ta ce, "Yaya, ki bar shi. Yaran yanzu ne."

"Shekararsa arba'in da ɗaya. Wane yaro?"

Washegari da hantsi ta sa aka ɗauko mata kwamfutarta ta hannu. Ta zauna a kan sallaya ta rubuta takardar ajiye aiki. Ba zagi, ba gori, ko sunan Dogo ba ta ambata ba. Ta faɗi ranar da ta fara aiki, ta faɗi ranar da za ta daina, ta faɗi inda makullan kabad suke.

Da ta zo rubuta gaisuwar buɗe wasiƙar sai ta dakata. Shekara goma sha huɗu tana rubuta masa "Dear Abdulsamad", ta rufe da "Warm regards", wanda ba ta yi wa kowa a ofishin sai shi. Ta rubuta "Dear Sir". Ta sauka ƙasa ta rubuta "Yours faithfully", ta sa cikakken sunanta, Wasila Haliru, kamar mai neman aiki a inda ba a san ta ba.

Ta san abin da ta yi. Shi ma ai ya sani, in dai bayan fayil ɗin nan bai tashi a banza ba: ta mayar da shi mutumin da ba ta san sunansa ba. Kuma a faɗi gaskiya, ba barin aikin take so ba. So take ya kai ido ƙasan wasiƙar, abin ya soke shi yadda ya soke ta, ya ɗauki waya ya ce, "Haba Inna, ni ne Dear Sir?" Da ya faɗi haka, da ta yi masa faɗa son ranta, ta yi kuka, ta janye takardar.

Ta tura. Ta ajiye wayar a gefenta, fuskar wayar na kallon sama, ta ƙara mata sauti.

Ba a yi minti ashirin ba wayar ta yi ƙara, gajeriyar ƙara ta shigowar saƙo. Ta ɗauka.

Ya ce ya samu takardarta, ya karɓa da nadama. Ya gode mata a madadin ƙungiya bisa shekaru goma sha tara na aiki tuƙuru. Za a shirya mata walimar bankwana idan ta fita takaba. A ƙasa:

Best wishes,
Abdulsamad Yari

Ta daɗe tana kallonsa. Ta nemi abin gyara, irin yadda ta saba, ba ta samu ba. Wanda aka sani ne, zai bar aiki, zai kama gabansa. Daidai yadda ta koya masa. Ko shi ya zaɓa da hannunsa, ko na'urar ce ta sake liƙa masa, babu yadda za ta sani, kuma ba ta san wanne ya fi ciwo ba.

Hafsatu ta leƙo daga madafi, hannunta duk ƙullu.

"Ya amsa? Mi ya ce? Ya sake yin kuskuren?"

"A'a," Wasila ta ce, ta kife wayar a kan sallaya. "Wannan karon ya rufe daidai."