Abin da Tokin Ya Faɗa Mini

Aikina a kamfaninmu shi ne neman aibi. Wasu su rubuta manhaja, ni kuma in bi bayansu ina tono kurakurai, shi ya sa suke ce mini Uwar Ƙorafi, ni ma ban taɓa musa ba. Manhajar da ke hannunmu a lokacin ta wani asibiti ce, wadda marasa lafiya ke shiga su duba sakamakon gwajinsu. Ni kaina ina cikin masu amfani da ita, don a can aka ɗebi ɗan nama a cikina aka tafi awo. Kullum in na buɗe, rubutu ɗaya nake tararwa: sakamakonki bai fito ba tukuna.

A gida kuwa abubuwa sun sauya ba tare da kowa ya ce komai ba. Mama ta zo wai kwana biyu, ta baje kayanta a durowa. Maigidana, mutumin da bai san inda tsintsiya take kwana ba, ya koma wanke kwanuka. In na shigo falo sai hira ta mutu, a ƙara sautin talabijin. Ranar nan Yaya ya kira daga nesa, muka gaisa, sai ya ce in yafe masa duk abin da ya taɓa yi mini. Na yi dariya na ce sai ya biya, amma da na ajiye wayar tsoro ne ya kama ni.

Gardamarmu da Dogo ta tashi ne da tsakar rana, kowa ya fita cin abinci. Dogo shi ya rubuta ɓangaren shiga manhajar, kuma mutum ne da ba ya son a taɓa masa aiki. Ofis ya yi tsit, sai ƙugin na'urar sanyaya ɗaki da kujerun da aka bari a karkace. Na ce masa tokin JWT, wato ɗan tikitin shaidar da saba, babbar kwamfutarmu mai riƙe bayanai, ke ba mutum in ya shiga, ya yi tsawo da yawa, me ya cusa a ciki?

"Abin da shafi ke buƙata don ya san me zai nuna, me zai ɓoye," in ji shi. "Kwantar da hankalinki, Anti. An sa masa hannu, makullin yana saba. Ko ke ba ki isa ki buɗe ba."

"Sa hannu daban, kullewa daban. Hatimi a kan sanarwar da aka manna a bango, ya hana ka sauya ta, amma ya hana ka karantawa?"

"To ki karanta mana. Ga fili ga mai doki."

Na san haka abin yake a karatu, amma gani ya kori ji. Ba zan taɓa tokin wani mara lafiya ba, don haka na shiga da asusuna a burauza, manhajar buɗe shafukan intanet, na buɗe kayan binciken da ke cikinta, na kwafo tokin da ake liƙa wa kowace buƙata. Dogon layi ne na haruffa da lambobi, ya fara da eyJ, ɗigo biyu sun raba shi gida uku. Na nuna masa da yatsa: na farko yana faɗin irin sa hannun, na ƙarshe shi ne sa hannun kansa, na tsakiya shi ne kayan da aka ɗauko. Na yanko na tsakiyan, na ba kwamfutata umarnin warware base64url, salon da aka dunƙule rubutun da shi. Ba ta tambaye ni makulli ba, ba ta ma yi jinkiri ba.

Rubutu ya fito tas. Lambata ta asibiti, lokacin da aka ba da tokin, lokacin da zai daina aiki. Na buɗe baki zan yi masa tsiya, sai idona ya sauka ƙasa. Dogo yana alfahari da sa wa abubuwa suna da Hausa, don haka babu abin da ya buƙaci fassara.

"sashe": "sassauta_ciwo"
"boye_sakamako": true
"an_sanar_da": "miji"

Na san sashen nan. Ni na gwada shafinsa da marasa lafiyar bogi. Can ake mayar da waɗanda likita ya daina zancen warkewarsu, sai dai a rage musu raɗaɗi. Na san maɓallin ɓoyewar ma, asibitin ne ya nema, saboda iyalan da ke roƙon kada mutum ya ga irin wannan labari a waya shi kaɗai. Har yaba musu na yi a taro, na ce tunani ne mai kyau.

Sanyin ɗakin ya shige ni har ƙashi. Dogo yana tsaye a bayana, ina ganin inuwarsa a gilashin kwamfutar, bai motsa ba.

"Anti... wannan asusun gwaji ne, ko?"

"Nawa ne."

"Wallahi ban sani ba. Ni ban taɓa leƙa bayanan mutane ba. Wataƙila kuskure ne, wataƙila wani ya danna..."

"Yi shiru, Dogo."

Abin da na yi bayan nan, ni da na fi kowa sanin ba zai yiwu ba, na yi shi. Na goge true, wato e, na rubuta false, wato a'a, na mayar da rubutun yadda ake shirya shi, na haɗa shi da sauran gida biyun, na tura wa saba. Ta dawo mini da 401, lambar ƙin karɓa. Sa hannu bai dace da kayan ba. Na sauya sashen na sake turawa, 401. Na fita, na sake shiga, aka ba ni sabon tokin, na warware shi. Lokaci ne kawai ya sauya.

"Sa hannunka yana aiki," na ce masa. "Ka yi aiki mai kyau."

Ya durƙusa kusa da kujerata, wannan zabgegen mutum. "Yau zan cire bayanan nan daga tokin. Saba ta riƙe abinta, tokin ya ɗauki lamba kawai. Duk wanda ya kwafi nasa zai iya gani, duk wanda tokin wani ya faɗa hannunsa ma haka. Anti, ki yi haƙuri."

"Cire su," na ce. Haushi nake ji, amma na rasa wa zan ji wa. Dogo da ya bar ƙofa a buɗe, ko waɗanda suka rufe ta saboda suna ƙaunata.

Masu cin abinci suka fara dawowa, ana ta shewa a baranda. Na rufe tagar rubutun kafin su shigo. A nan wayata ta yi ƙara a kan tebur. Maigida ne. Na bar ta ta yi ta yi, sannan na ɗauka.

"Kin ci abinci?" Muryarsa a tausashe, irin wadda ya koya kwanan nan.

"Na ci."

"Zan zo in ɗauke ki, kada ki hau mota." Ina jin numfashinsa, ina jin Mama a bayansa ta daina motsi da kwanuka. "Kin duba manhajar yau? Ya fito?"

Na dubi Dogo, ya sunkuyar da kai. Na tuna maigidana ya daɗe yana ɗauke da wannan abu shi kaɗai, yana kwana da shi a gefena, kuma abin da ya rage masa kawai shi ne tunanin ya tsare ni.

"Bai fito ba tukuna," na ce.

Na ji ajiyar zuciyarsa ta cikin wayar. "To, Allah ya sa mu ji alheri."

"Amin," na ce.