Gurbin Halimatu Sa'adiya

Hukumar jarrabawa ta ce a tura sunayen ɗalibai cikin gurbi biyu: sunan yanka daban, sunan mahaifi daban. Makarantar kuwa gurbi ɗaya ta sani. Tun daga aji ɗaya kowane malami yake rubuta suna yadda ya ga dama, a haka aka zuba su cikin Excel. Da magaribar ranar Alhamis za a rufe shafin hukumar, wanda sunansa bai shiga ba sai baɗi.

Malama Haulatu mai koyar da kwamfuta ta iso Kusada daga Kankia da hantsin Alhamis ɗin, ta tarar da Malam Auwalu, jami'in jarrabawa, zaune gaban kwamfutarta da ta bari a ofis.

"Na rage miki aiki," in ji shi. "Na ba ta umarni ta yanka duk inda ta ga fili. Kafin na kurɓi shayi ta gama."

Ta duba. Masu kalma biyu sun rabu. Masu kalma uku da huɗu sun malala cikin gurbin da ke gaba, sun hau kan ranar haihuwa. Wata yarinya an haife ta a ranar "Rimaye", sunan ƙauyensu.

"Ba ta gargaɗe ka za ta goge wani abu ba?"

"Ta yi wani Turanci. Na danna to."

Haulatu ta rufe ba tare da ta adana ba, ta sake buɗewa. Ta kwafi sunayen zuwa sabon shafi don na asali ya zauna yadda yake. Ta sa dabarar da ke share filin da ya yi yawa a tsakani da a gefe, ta sa wata ta ƙirga kalmomin kowane suna, sannan ta tace su kashi-kashi.

Masu waƙafi ta fara warewa. "UMAR, Zuliha" uba ne a gaba, sai a juya. Masu kalma uku su ne rigima. Nana Aisha Musa, biyun farko duk nata ne. Jannat Hussaini Kaikai, na ƙarshe ƙauye ne. Sumaiya Umar Modibbo, uba ne da kaka.

"Ɗauki na farko da na ƙarshe, ki zubar da na tsakiya," in ji Malam Auwalu. "Haka kowace makaranta ke yi."

"Sai Jannat ta zama 'yar Kaikai, uban nata ya ɓace."

"To ba 'yar Kaikai ba ce?"

"Malam, in sunan takardar sakamako ya saɓa da na katin ɗan ƙasa, jami'a ba ta ɗauka. Ka fi ni sani."

"Na sani. Na kuma san in magariba ta yi ba mu tura ba, babu mai zana ko da fensir. Ke za ki tsaya gaban iyayen?"

Ta ɗauki kwamfutar ta shiga aji shida. Ta kira su ɗaya bayan ɗaya, kowace da takardar katinta ta ɗan ƙasa da aka ce su zo da ita tun Litinin. Abin da ke takardar shi ta bi. Jannat ta fito Hussaini. Sumaiya ta fito Modibbo, ba Umar ba. Har masu kalma biyu ta bi, don akwai waɗanda aka juya ba waƙafi.

Nan ta ga wanda tacewarta ta wuce da shi a cikin masu sauƙi. Halimatu Sa'adiya. Kalma biyu, amma duka sunan yanka ne. Babu uba. Ta kira, shiru.

"Tana Mawashi, Malama," in ji wata daga baya. "Goggonta ba lafiya, ita ke sussuka."

Wayar gidan a kashe take. Shafin hukumar kuma ba ya karɓar fayil mai gurbi a buɗe. Ko a cike, ko a cire yarinyar.

Malam Auwalu ya leƙa bayan azahar. "Wannan mai sauƙi ne. Na san ubanta, Badaru mai gyaran keke. Tare muka yi firamare. Rubuta Badaru."

"Ban ga takarda ba."

"Ni ne takardar! Ko ki sa Sa'adiya a gurbi na biyu, wa zai sani?"

"Ita."

"To cire ta. Yarinya ɗaya ba za ta riƙe aji ba."

"Ba zan cire ba."

"Malama Haulatu, ke fa har yau ba a tabbatar da ke a aiki ba. Bar kwamfutar nan, ni na tura."

"Tawa ce, Malam. Ta makaranta tana can ta mutu tun bara."

Ta zuge jakarta ta fita. Yana bin ta har bakin ƙofa yana cewa in ta kuskura magariba ta same ta a hanya, kar ta dawo. Ta tsayar da ɗan acaɓa.

A Mawashi ta same su a masussuka bayan gari. Halimatu Sa'adiya tana sheƙa, ƙaiƙayi ya rufe mata gira. Goggonta Ma'u tana zaune kan tabarma, ƙafa ɗaya a kumbure.

"Lahiya, Malama? Mi ta yi?"

"Ba ta yi komai ba, Inna. Sunan mahaifinta nake nema."

"A'a! Don wanga kika ƙona mai? Badaru ne, kowa ya sani."

Yarinyar ta aje ƙwarya. "Ba shi ke katina ba, Goggo."

"Wa ke ciki?"

"Baba Kabo."

Kabo mijin Ma'u ne. Shi ya riƙi yarinyar tun yaye, shi ya kai ta yin katin, aka tambayi sunan uba ya ba da nasa.

"Shi wannan mutum," in ji Ma'u. "Bai taɓa gaya mani ba. Bari ya dawo kasuwa."

Haulatu ta ce a ɗauko takardar. Yarinyar ta ruga gida ta dawo da ita a cikin leda. Kabo ne. Haulatu ta zauna kan turmi ta rubuta: Halimatu Sa'adiya a gurbin farko, Kabo a na biyu. Ta juya fuskar kwamfutar ga yarinyar.

"Karanta. Haka ne?"

"Haka ne, Malama."

Babu sabis a masussukar. Suka hau tudun da ke kusa da makarantar firamare, yarinyar ta ɗaga wayar Malama sama, Haulatu ta haɗa kwamfutar da ita. Karo na farko ya yanke. Na biyu ma. Rana ta yi ja, batirin ya fara kuka. Malam Auwalu ya kira, ta kashe don kar ya katse layin. A karo na uku shafin ya tsaya cak, ya daɗe, sannan ya nuna an karɓa, duka ajin.

Ta kira shi.

"Ya shiga. Kabo ne, ba Badaru ba."

"Shugaba ya ji kin fita da aikin makaranta ba izini. Yana son ganinki gobe da safe."

"Ina da aji da safe. In na fito zan zo."

Ta kashe. Ɗan acaɓan yana ƙorafin duhu zai same su. Ma'u ta aiko da gero a ƙullin zane, Haulatu ta ɗora a cinya, suka kama hanyar Kankia.