Kanun Aikin Malam Tambari

Malam Tambari ya shekara goma sha tara yana riƙe da makullin siton hatsi na sashen gona, kafin ya yanke shawarar komawa makaranta a Kaura Namoda ya yi babbar difloma, ko a ƙara masa matsayi kafin ritaya. Shi ne mafi tsufa a ajinsu, kuma shi ne ya fi kowa son manyan kalmomi. Da aka zo shekarar ƙarshe, lokacin da kowane ɗalibi zai gabatar da aikin bincikensa, sai ya ga dama ta samu.

A binciken kansa dai bai yi ha'inci ba. Ya zaga kasuwar Kaura da ta Shinkafi da takardar tambayoyi, ya zauna da 'yan kasuwar hatsi sittin, ya tambaye su yadda suke adana wake kada ƙwari su cinye shi: wa ke zuba magani, wa ke toshewa a jarka ko ganga, wa ke amfani da buhun nan mai leda biyu a ciki. A wajen kanun aikin ne ya saki jiki. Da Turanci ya rubuta shi, layi biyar cur, ma'anarsa kuwa ita ce: Cikakken Nazari Mai Zurfi a Kan Matsaloli, Ƙalubale da Tasirin Hanyoyin Zamani ga Bunƙasar Noma, Kasuwanci da Wadatar Abinci a Kaura Namoda, Shinkafi, Zurmi da Arewacin Najeriya Baki Ɗaya. Ya karanta wa matarsa Iyatu sau biyu. Ta ce, "Allah shi ba da sa'a," ta ci gaba da tankaɗe.

Mai duba aikinsa, Malama Zulaihat, ɗiyar wani abokinsa ce. Tambari ya ci naman sunanta. Ranar da ya kai mata kammalallen aikin, ta karɓa da hannu biyu, ta karanta shafin farko, ta daɗe ba ta ɗago ba. Shi kuwa ya ɗauka burgewa ce.

"Baba Tambari, ba wannan kanun muka amince da shi a bara ba."

"Na ɗan ƙara mishi nauyi ne."

Ta ɗauki jan biro. "In wani ya ga wannan a laburare, me zai ce aikin ya ƙunsa?"

"Noma. Kasuwanci. Komi da komi."

"Ina wake?"

Ya leƙa takardar. Layi biyar, babu wake ko ƙwaya ɗaya.

Ta ci gaba a hankali. "Kun je Zurmi?"

"Na yi niyyar shiga Moriki, can ƙasar Zurmi, to kin san yadda hanya take ba tsaro."

"Na sani, kuma ba wanda zai ga laifinku. Amma wurin da ba ku je ba, ba zai hau kanu ba." Ta ja layi. "Tasiri kuma, kun auna wani abu? Kun zuba wake a jarka da buhu, kun dawo bayan wata shida kun gwada wanda ya fi lalacewa?"

"Tambayarsu na yi."

"To abin da suke yi kuka gano, ba tasiri ba. Wanda zai zo daga waje ya yi muku tambayoyi, da kanu zai fara. Duk kalmar da ke nan alkawari ce, zai nemi ya ga inda kuka cika ta." Ta miƙo masa takardar. "Ku rubuto wanda zai faɗi abin da kuka bincika, a wurin su wa, a ina, yaushe. Layi biyu ya isa. Sai na kai sashe a amince kafin a ɗaure aikin."

Tambari ya fito yana huci a cikin ransa. Yarinyar da ya gani a zanen goyo ce ta kashe masa Arewacin Najeriya da biro ɗaya. Abin da bai faɗa mata ba shi ne, tun makon jiya ya kai wa mai ɗaurin littafi, an riga an buga kanun da ruwan zinare a bango huɗu. Sai da mai ɗaurin ya ƙanƙanta haruffa sannan ya shiga.

Ranar Alhamis ya tafi kasuwar Shinkafi, ya zauna a rumfar Alhaji Sabo, dillalin waken da ya tara masa mutane lokacin bincike. Yana neman wanda zai goya masa baya, sai ya fassara masa kanun tun daga farko har ƙarshe. Alhaji Sabo ya saurara da kyau, ya gyaɗa kai.

"Madalla. Wannan babban aiki ne. To namu na wake fa, yaushe za ka rubuta shi?"

"Ai shi ne wannan."

"Wanga?" Alhaji Sabo ya dube shi. "Ni na aza wani ne gwamnati ta ba ka."

Tambari ya yi dariya, don ba abin da ya rage masa sai ita. Mutumin da aka yi aikin a rumfarsa bai gane aikin ba.

A motar komawa Kaura ya fito da biro. Ya fara da soke "Cikakken Nazari Mai Zurfi", yana ce wa kansa, ai duk aikin da aka ɗaure nazari ne, zurfin kuwa ba kai za ka faɗa ba, Tambari. Ya soke Matsaloli, ya soke Ƙalubale, da ya lura ma kusan abu ɗaya suke nufi, ya jera su ne don layi ya cika. Haushi ya kwashe shi har ya soke komai ya rubuta "Adana Wake" kawai. Kafin su kai Kaura ya gane wannan ma bai faɗi komai ba: waken wa, a wace ƙasa? Ya ƙara 'yan kasuwa. Ya ƙara garuruwan biyu da ƙafarsa ta taka. Ya ƙara shekara.

Washegari ya ajiye wa Malama Zulaihat: Hanyoyin Adana Wake a Tsakanin 'Yan Kasuwar Hatsi a Kaura Namoda da Shinkafi, 2023. Ta buɗe babi na ɗaya ta gwada shi da manufofin aikin, ta buɗe na huɗu ta gwada shi da sakamako, ta sa hannu.

"Ya yi, Baba."

"Ya yi ƙarami dai," in ji shi. "Kamar an yi mini aski."

Ranar kare aiki, baƙon malamin da ya zo daga wata makaranta ya karanta kanun, ya tambaye shi me ya sa wasu 'yan kasuwa suka fi son jarka a kan buhu mai leda. Nan fa aka zo gidan Tambari. Ya yi bayanin yadda ɓera ke huda leda, da yadda ƙwaro ke mutuwa in an hana shi iska, da dalilin da ya sa wake mai danshi ba ya toshuwa lafiya. Sai da shugaban zaman ya ɗaga hannu ya ce ya isa haka, akwai ɗalibai goma sha ɗaya a waje suna jira.