Hannuwana Kaɗai Suka Je Bungudu

A Tsafe na gano cewa mutum na iya yin bayani har bakinsa ya bushe, jama'a kuma su koma gida da tarakta a ransu.

Sunana Zakari, malamin gona ne ni a wata ƙungiyar manoma da ke da ofis a Gusau. Aikin da aka ɗora mana a kakar bana, ni da abokin aikina Abdulƙadir, shi ne mu koya wa manoma ajiyar wake a buhun nan mai leda biyu a ciki. In aka matse iska aka ɗaure kowace leda daban, sannan aka ɗaure buhun waje, ƙwari kan mutu don rashin iska, ba sai an barbaɗa magani a abin da yara za su ci ba. In kuwa aka haɗa bakunan uku aka yi musu ɗauri ɗaya irin na buhun gero, iska na iya shiga, waken ya lalace, a ce buhun ne ba shi da kyau.

Ni na shirya shafukan da za a haska da majigi, kuma ban yi musu rowa ba. A shafin farko na sa jan tarakta, don a san maganar noma za a yi. Duk inda na kawo shawara na liƙa alamar ƙwan lantarki, saboda na ga haka masana ke yi. Inda na ce mu haɗa kai, wasu Turawa biyu da kwat suna musabaha. A shafin ɗauri kuwa, wanda shi ne zuciyar maganar, na sa hotona a tsakiyar gonar masara, da babbar riga, ina kallon nesa kamar mai jiran ruwan farko.

Jama'ar Tsafe sun saurara da ladabi. Da aka zo tambayoyi, wani dattijo ya so ya san ko taraktar ta kowace gunduma ce ko ta ƙaramar hukuma gaba ɗaya. Wata mata ta tambayi inda ake rubuta suna don fitilar. Na ce babu tarakta, babu fitila. Dattijon ya dube ni, ya dubi bango, ya ce:

"To Malam, don mi kuka nuna muna?"

Babu wanda ya tambayi buhu.

A hanyar komawa Gusau Abdulƙadir bai bar ni na huta ba. Ya ce da na ƙara jirgin sama da an tambaye ni kujerar Makka. Na tuna masa cewa shi ma ya ga shafukan tun a ofis ya ce sun yi kyau. Ya amsa cewa kyau kam sun yi, ai bai ce sun yi magana ba. Muka yi dariya, amma abin ya tsaya mini, domin saura taron Bungudu kaɗai kafin a fara roron wake. In mutanen can ma suka tashi ba su iya ɗaurin ba, sai baɗi.

Washegari da hantsi na zauna a tsakar gidana a Tudun Wada da kwamfuta a cinya. Na tuna yawancin waɗanda ke zuwa taronmu ba bokon da ke kan shafi suke bi ba, hoton suke karantawa. Sai na rufe rubutun da kwali, na kira matata Mansura, na ce ta faɗi abin da kowane hoto ke cewa. A kan tarakta ta ce za a raba tarakta. A kan Turawa ta ce an gama ciniki. Da muka zo shafin ɗauri ta daɗe tana kallo.

"Wannan cewa yake maigida ya samu lafiya," in ji ta. "Ga tumbi nan, ma sha Allah."

Na cire tarakta ba tare da jin komai ba. Turawa ma na sallame su. Ƙwayayen lantarki na bi su ɗaya bayan ɗaya. Nawa hoton ne na yi ta neman masa hujja: ai yana da kyau jama'a su san mai magana. Sai na tuna mai maganar zai kasance a tsaye a gabansu, da tumbin da komai.

A sito na ofis muna da waken bara da muka ajiye don gwaji, rabi a buhun da aka saba, rabi a mai leda. Muka ɗebo daga kowanne. Abdulƙadir ya so mu tsince mafi ruɓewa don hoton ya tsorata mutane, na ce a'a, manomi ya san yadda ƙwaro ke cin wake, in ya ga an yi zaɓe ba zai yarda da ɗayan hoton ba. Muka zuba kowanne a faranti iri ɗaya, a kan baƙin zane don hasken majigi kada ya wanke su, muka ɗauka daga nisa ɗaya a inuwa ɗaya. Na jera su gefe da gefe suka cika shafi, a sama layi ɗaya: wake ɗaya, ajiya biyu.

Ɗaurin kuma muka ba kowane mataki shafinsa. Ina matse iska, ina murɗa bakin ledar ciki, ina lanƙwasawa, ina ɗaurewa, shi yana ɗauka da waya. Ya matso sosai har fuskata ta fita daga hoton. Na yi ƙorafi, ya ce fuskata ba ta ɗaure buhu. Alamu uku kawai suka tsira: rana, a inda ake cewa a busar da wake sosai, sai alamar daidai a kan ɗauri uku da ta kuskure a kan ɗauri ɗaya. Da na sake gwada Mansura, sai ta ce, ai wannan kowace leda da igiyarta. Na rufe kwamfuta.

A Bungudu a wani aji aka tara mu, muka rataya tabarmi a tagogi don hoto ya fito. Da faranti biyun nan suka bayyana a bango, sai ajin ya ɗauki ƙus-ƙus. Wani manomi mai suna Malam Mahadi ya taso har gaban bango ya leƙa ramukan da ke jikin waken, ya ce wannan na hagu kamar daga rumbunsa aka ɗebo. Tambayoyin da suka biyo baya duk na buhu ne: in ɓera ya huda fa, ana iya buɗewa a ɗiba a mayar, ledar tana kai baɗi? Na amsa har na ji yunwa.

Daga ƙarshe na ajiye buhu da wake a tsakiya na ce wani ya gwada. Malam Mahadi ya naɗe hannun riga. Ya matse iska, ya ɗaure ledar ciki, sai ya tattara ta biyu da buhun waje zai haɗa su. Wata tsohuwa daga layin mata ce ta ce a koma hoton baya. Abdulƙadir ya mayar. Malam Mahadi ya kalli bango, ya saki buhun waje, ya nemi igiya ta uku.

Muna naɗe wayar majigi ya zo ya tsaya kusa da ni, yana duban zoben azurfar da ke yatsana.

"Ashe hannuwan nan naka ne, Malam? Wallahi sun iya aiki."

Na yi godiya. Shekara da shekaru ina kai fuskata taro ba wanda ya taɓa yaba mata.

Hoton gonar masara yana nan, Mansura ta sa a wayarta. Ta ce in na kira shi ke fitowa, kuma a nan yana faɗin abin da ya kamata: mai cin abinci ya kusa gida.